Yadda na daidaita hoton biza ya fito milimita 35 da 45 a kan takarda

A lokacin da ƙanena yake haɗa takardun neman bizar karatu zuwa Jamus, ya turo mini hoton da aka ɗauke shi da waya, ya roƙe ni in mayar masa da shi hoton fasfo, domin wanda aka yi masa a shago an ce kansa ya yi ƙanƙanta. Ƙa'idar da aka ba shi a fili take: faɗin hoton milimita 35, tsawonsa milimita 45, kuma kai, daga ƙarshen haɓa zuwa tsakar ka, ya kasance tsakanin milimita 32 da 36. Sai da na ɓata kati uku kafin aikin ya yi daidai, kuma kowane katin da ya ɓaci ya nuna mini wani abu da ban lura da shi ba.

Abin da ya fara zame mini dole shi ne in fahimci cewa hoton da ke cikin waya ba shi da milimita ko inci, ɗigo-ɗigo ne kawai da ake kira fiksel. Lambar DPI ita ce take faɗin fiksel nawa za a jera a cikin inci ɗaya na takarda, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Saboda haka idan ana son bugawa a DPI 300, wanda shi ne aka saba amfani da shi wajen buga hotuna, sai a raba milimitar da 25.4 a ninka da 300. Faɗin milimita 35 ya ba ni 413.4, tsawon milimita 45 ya ba ni 531.5 saura kaɗan, na tsaya a kan fiksel 413 da 531. Ɗan guntun da aka zubar bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, babu rular da za ta gan shi.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki hoton gaba ɗayansa, mai fiksel 3000 a faɗi da 4000 a tsawo, na tilasta masa komawa 413 da 531. Hoton waya faɗinsa kashi uku ne, tsawonsa kashi huɗu, shi kuwa hoton biza bakwai ne da tara, don haka manhajar ta ja shi ta gefe har ya cika gurbin. Bambancin bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, amma da na ajiye shi kusa da na asali sai na ga kumatun ƙanena sun ƙara faɗi, fuskar ta ɗan baje. A hoton da jami'i zai riƙa kwatantawa da fuskar mai shi, wannan aibi ne babba.

Daga nan na koma ga ciko, wato a rage girman hoton ba tare da an ja shi ba, sannan a cike gurbin da ya rage da farin launi. Hoton ya koma 398 da 531, saura fiksel 15 da aka raba dama da hagu. A fuskar kwamfuta na ga kamar ya yi, amma da aka buga sai ga siraran layuka biyu farare tas a gefuna, domin bangon da aka ɗauki hoton a jikinsa ba fari ba ne sosai, yana da ɗan duhun toka, kuma kafaɗun rigar sun yanke kafin su kai bakin hoton. Ko da na dace da launin bangon daidai, kafaɗun za su tona asirin cikon, ga shi kuma hukumomi da yawa ba sa karɓar hoton da aka yi wa kwaskwarima. Abin da ya fi wannan muni shi ne kan ya tsaya a wajen milimita 13 da rabi, ko rabin abin da ake nema bai kai ba. A nan na gane cewa na faro aikin daga inda bai kamata ba, domin girman kai shi ne yake yanke hukuncin inda za a datse hoto, ba gefunan hoton ba.

Sai na buɗe hoton na asali a manhajar gyaran hoto ta GIMP, inda ake ganin lambar wurin da aka ɗora alamar nuni, na auna. Tsakar kansa tana kan fiksel na 900 daga sama, ƙarshen haɓarsa yana kan 2100, wato tsawon kan fiksel 1200 ne, tsakiyar fuskar kuma, wadda na bi ta karan hanci, tana kan 1500 daga hagu. Na zaɓi kan ya fito milimita 34, tsakiyar abin da aka yarda da shi, domin in bar wa firinta sararin kuskure ta sama da ta ƙasa. Idan fiksel 1200 su ne milimita 34, to kowace milimita ɗaya fiksel 35.3 ce a wannan hoton. Da wannan ma'aunin, yankin da zan datsa ya zama faɗin 1235 da tsawon 1588. Na bar milimita 4 a saman kai, wato fiksel 141, don haka yankan zai fara daga 759 ta sama, ta hagu kuma daga 883, bayan na cire rabin faɗin daga 1500. Ga umarnin da na ba ImageMagick, manhajar da ke gyara hoto ta hanyar rubuta mata umarni:

```
magick asali.jpg -auto-orient -crop 1235x1588+883+759 +repage \
  -resize 413x531! -units PixelsPerInch -density 300 fasfo.png
```

Alamar `!` ita ce take tilasta girman, kuma ita ce ta baje fuskar a karon farko, amma a nan ba ta da illa tun da yankin da na datsa ya riga ya zama bakwai da tara. Shi kuwa `-auto-orient` dole ne ya zo kafin yanka, saboda wayoyi da yawa suna ajiye hoton a kwance, su rubuta a cikin ɓoyayyun bayanan fayil ɗin da ake kira EXIF cewa a miƙar da shi lokacin nunawa. Wanda ya manta da shi zai iya tarar da cewa ya datso bango da kafaɗa maimakon fuska. Ina kuma ba da shawarar a tsaya nesa kaɗan lokacin ɗaukar hoton, a bar sarari a sama da gefuna, domin ragewa daga babban hoto ba ta ɓata komai, amma hoton da aka ɗauka a matse babu inda za a samo abin da ya rasa.

Matsalar da ta fi cin lokacina ta zo ne wajen bugawa. Na kai wannan ƙaramin fayil wani shagon buga hotuna, na ce musu an riga an saita shi a DPI 300, sai na'urar ta miƙo mini fuska ɗaya da ta cika katin inci 4 da 6, dishi-dishi. Dalilin shi ne lambar DPI da ke cikin fayil rubutu ce kawai, kamar adireshi a bayan ambulan. Wasu manhajojin suna karanta ta su bi, amma na'urorin buga kati galibi ba ruwansu da ita, duk abin da aka ba su sai su faɗaɗa shi ya cika takardar da ke ciki. Canza lambar daga 72 zuwa 300 ba ya ƙara fiksel ko ɗaya, kuma ba ya tilasta wa na'ura komai.

A nan ne ciko ya yi amfaninsa na gaskiya, a wajen hoton maimakon a cikinsa. Tun da na'urar za ta cika katin da duk abin da ta samu, sai in ba ta fayil mai girman katin daidai. Inci 6 da 4 a DPI 300 fiksel 1800 ne da 1200, kuma a cikin wannan fili hotuna huɗu suna jeruwa a kwance, layi biyu, takwas ke nan, har da ragowar sarari don almakashi.

```
magick fasfo.png -bordercolor gray -border 1 -bordercolor white -border 14 \
  -duplicate 3 +append -duplicate 1 -append \
  -background white -gravity center -extent 1800x1200 \
  -units PixelsPerInch -density 300 -quality 95 kati.jpg
```

Siririn layin tokar da na zagaye kowane hoto da shi, mai kaurin fiksel ɗaya, yana waje da 413 da 531, kuma na sa shi ne domin bango mai haske a kan farar takarda ba a ganin iyakarsa lokacin yanka. Kafin in fita daga gida na duba fayil ɗin da `magick identify`, na tabbatar yana nuna 1800x1200. Na kuma kai shi a filashi, domin hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto akan matse shi a rage masa fiksel, sai dai in an tura shi a matsayin fayil.

Da katin ya fito na ɗora masa rula, sai na ga faɗin kowane hoto ya kusa milimita 36, tsawon kuma ya haura 46 kaɗan. Na nuna wa mai shagon na ce, “Malam, da alama na'urar tana ƙara girma.” Ya amsa da cewa, “Haka take yi, Yallaɓai, in an ce ta buga har bakin takarda sai ta ɗan faɗaɗa hoton don kada farin layi ya fito a gefe.” Wannan shi ne saitin da ake gani da sunan Borderless. A firintar gida ana iya kashe shi a zaɓi Actual size ko 100%, a kuma cire alamar da ke kan Fit picture to frame idan da Windows ake bugawa. Na'urar shagon ba ta ba da wannan damar ba, don haka na rama ƙarin daga ɓangarena: na raba 35 da 36 na samu 0.972, na rage katin gaba ɗaya da `-resize 97.2%`, sannan na sake cike shi da fari zuwa 1800 da 1200 da `-extent`. Wannan lambar ta na'urar da na auna ce kaɗai, wata na'urar sai an buga gwaji an auna tata.

Katin da ya biyo baya ya ba ni 35 da 45 a kan rula, kan kuma ya tsaya a 34. Na yanke su da reza da rular ƙarfe a kan katako, ina bin cikin layin tokar, saboda almakashi yakan karkace a kusurwa. Ƙanena ya ɗauki biyu ya haɗa da takardunsa, sauran shidan na sa su a ambulan, a bayansa na rubuta lambobin yankan da 0.972 tare da ranar da aka ɗauki hoton, tun da hoton biza ana son ya kasance sabo, wanda bai wuce wata shida ba.