Kafin in miƙa maka rumbun bayanan bankin nan

Salamu alaikum ɗan'uwa, barka da kama aiki.

Jadawalin ayyuka da izinin shiga duk suna cikin fayil ɗin da na bar maka. Wannan takardar kuwa a kan abu ɗaya ce, wanda sai da ya ƙona ni sannan na koya: kada hankalinka ya kwanta da kwafin ajiya sai ka mayar da shi da hannunka.

Ga tsarinmu a SQL Server. Ana ɗaukar cikakken kwafi daren Lahadi da ƙarfe 11, kwafin bambanci sauran darare a daidai wannan lokacin, kwafin rajistar mu'amala kuma duk minti 15. Kwafin bambanci ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Yana jingina ne da cikakken kwafi na ƙarshe, ko wane ne ya ɗauke shi.

Wata Litinin da rana wani abokin aiki ya ɗauki cikakken kwafi don gwaji, ya gama abinsa ya goge. Ban ga laifinsa ba, ni ne ban taɓa gaya masa ba. Ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe faifan bayanai ya mutu, mutane na kan layi a rassa. Na mayar da kwafin Lahadi lafiya lau, na ɗora bambancin Laraba, sai ga kuskure mai lamba 3136. Na gwada na Talata da na Litinin, duk haka. Dukkansu sun jingina da kwafin da aka goge. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kullum RESTORE VERIFYONLY yana nuna lafiya, domin shi fayil ɗin kansa yake dubawa, bai san ko tushensa na nan ba.

Rajista ce ta cece mu, tunda cikakken kwafi ba ya tsinke sarƙarta. Amma maimakon fayil 44 daga daren Laraba, sai da na ɗora 332 tun daga Lahadi, ɗaya bayan ɗaya da NORECOVERY, wayar ofis ba ta daina ƙara ba. Da guda ya ɓata a tsakiya, da a nan muka tsaya.

Don haka duk mai son kwafi a wajen jadawali, ya ɗauka haka:

```
BACKUP DATABASE CoreDB
TO DISK = 'E:\test.bak'
WITH COPY_ONLY, CHECKSUM;
```

Kowace safiya ka leƙa msdb.dbo.backupset. Lambar database_backup_lsn ta bambancin jiya dole ta zo daidai da checkpoint_lsn ta kwafin Lahadi. In sun saɓa, wani ya shiga tsakani. Ka ɗauki sabon cikakken kwafi a ranar, kada ka jira Lahadi.

Sau ɗaya a wata kuma ka mayar da komai a na'urar gwaji, ka bi shi da DBCC CHECKDB, ka rubuta minti nawa aikin ya ci. Ranar da abu ya lalace, tambayar farko da manaja zai yi maka ita ce yaushe rassa za su dawo aiki.

Allah ya ba ka sa'a.