Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na tambaye shi inda muka dosa

A makon jiya na tsaya a inda na rabu da mutumin da ya cinye min shekara 2 da wata 4 bai taɓa furta kalmar aure ba. Abin da ban gaya muku ba shi ne, sau ɗaya na taɓa tambayarsa, kuma na yi ta da kuskure. Wajen ƙarfe ɗayan dare, bayan mun yi cacar baki, na tura masa saƙo: "Ka faɗa min yanzu, za ka aure ni ko a'a?" Ko mai niyya aka titsiye haka sai ya nemi hanyar zillewa, balle shi da dama ƙofar fita yake nema.

Shi ya sa da wannan bawan Allah na biyu ya shigo rayuwata, sai na rasa ta yi. In yi shiru, in sake asarar shekaru. In yi magana, ya ce na fiye zaƙewa. Muna cikin mako na shida na kai kukana wurin yayata.

Ta ce, "Ke matsalarki, tambaya biyu kike haɗawa wuri guda. 'Aure kake nema?' daban, 'Ni za ka aura?' daban. Ta farko labarin shirinsa ne, tun kafin ya san ki yake da amsarta. Ta biyu hukunci ne a kanki, kuma wanda ya san ki mako shida bai isa ya yanke shi ba. Ke ma kin gama yanke naki ne a kansa?"

Gaskiya ban gama ba. Ta ƙara da cewa kada in bari a wuce wata uku, domin idan zuciya ta riga ta kamu, duk amsar da ya bayar sai na fassara ta yadda nake so. Wannan kam na san shi a jikina.

Na jira ranar da muka haɗu ido da ido, ba wanda ransa ke ɓace, ba wanda ke sauri. Muna cikin hirar aikinsa sai na fara da kaina, kamar yadda Yaya ta koya min, don kada ya ji kamar an zaunar da shi gaban alƙali.

Na ce, "Malam, ina jin daɗin hirarmu. Ni dai a inda nake yanzu aure nake fata, nan da shekara ɗaya ko biyu idan Allah ya nufa. Ba cewa nake ka yi min alkawari ba, har yanzu sanin juna muke yi. So nake in ji kai ina ka sa gaba."

Sai na kama bakina. Nan ne wuri mafi wuya. Shirun bai kai minti ɗaya ba, amma sau uku harshena yana ƙaiƙayin cewa "wasa nake yi". Da na faɗa, da na rushe komai.

Ya ce niyyar aure yana da ita, amma shi ke ɗauke da karatun ƙaninsa, saura wata takwas ya kammala, kuma ba zai iya haɗa nauyin biyu ba. Tambaya ɗaya kawai na ƙara: "Akwai wanda ya san da ni a gidanku?" Ya ce babu tukuna, amma zai gaya wa babbar yayarsu. Na ce na gode da ya fito min fili, na mayar da hirar inda take.

A daren na auna amsarsa da irin waɗanda na saba ji. Wancan na baya, kullum "ki bar komai ga lokaci", ba ranar farawa ba ranar ƙarewa. Wannan kuwa ya ambaci abin da ya tare shi, ya sa masa wa'adi, ya kuma ɗora wa kansa aikin da zan iya ganin ko ya yi ko bai yi ba. Duk da haka baki ne ya faɗa, kuma mayaudari ma ya iya lissafin watanni.

Washegari bai kira ba. Jibi ma shiru. Na rubuta saƙon ban haƙuri na goge ya fi sau biyar. Yaya ta ce, "Haƙurin me za ki ba shi? Ajiye wayar nan, ki bar mutum ya yi tunani."

A rana ta huɗu da yamma wata lamba da ban sani ba ta shigo wayata. Na ɗauka, sai muryar mace babba ta yi sallama, ta kira sunana, ta ce ƙaninta ne ya ba ta lambar.

Abin da ta ce min, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.