Buhu nawa zan saro a tashi ɗaya?

Shagona yana Shari' Mansur a Makka, kuma abin da ya fi cin jarina shi ne shinkafa basmati mai kilo 10. Ina sarowa a kasuwar Ka'akiyya, buhu riyal 80. Na gaji shagon ne daga kawuna, wanda tsarinsa shi ne a cika sito har rufi duk lokacin da kuɗi suka samu. Maƙwabcina kuwa kusan duk kwana goma sai ya kira mota. Kowannensu na ganin shi ne mai dabara, kuma dukansu kuɗi suke zubarwa, ta ƙofa daban-daban. Wanda ke yawan sarowa yana biyan mota da lokacinsa, wanda ke jibgewa yana biyan zaman kaya. Akwai lissafin da ke nemo inda nauyin biyu ya fi sauƙi. Wani injiniya ɗan Amurka, Ford W. Harris, ya fitar da shi a 1913, kuma lambobi uku kawai yake nema.

Ta farko, abin da ke fita a shekara. Littafin shago ya nuna buhu 10 a rana in aka daidaita, wato kusan 3,600 a shekara. Wannan ba ta ba ni wahala ba.

Ta biyu, kuɗin kowace oda: abin da nake kashewa duk tafiya, ko buhu hamsin na ɗauko ko ɗari uku. Mai dina, wato ƙaramar motar kaya, riyal 140 yake karɓa zuwa ƙofar shago. Rabin yinin da nake ɓatawa a can, ga wanda zan biya ya tsare mini shago, na yi musu kuɗi riyal 60. Ya zama 200. Ladan masu sauke kaya ban sa ba, domin a kan buhu ake biyansu; ko sau nawa na raba odar, abin da zan ba su a shekara ɗaya ne.

Ta uku ce mai wuya, don babu wanda ke ba ka rasit a kanta: nawa buhu ɗaya zai ci in ya shekara a sito. Kawu cewa ya yi, "Kai yaro, shinkafar da ke zaune me take ci? Abinci ake ba ta?" Na ce, "Kawu, riyal 80 ɗin da ke kwance a cikinta, da mai ko sukari na saro da su, da sun juya." Ba ruwan banki nake nufi ba, ribar da kuɗin za su kawo a wani kaya nake nufi, kuma na ƙiyasta ta kashi 10 cikin ɗari, riyal 8. Sai wuri da wutar na'urar sanyaya ɗaki, don zafin Makka ba ya wasa da hatsi: riyal 5. Sai buhun da ya fashe, da wanda ƙwari suka shiga aka karyar da shi: riyal 3. Jimla 16, kashi ɗaya cikin biyar na farashin buhu. Kuɗin wuri na shiga ne saboda ni hayar sito nake, kuma in kaya suka ragu ina iya ba wani rabinsa. Wanda ɗakinsa ne, ba abin da zai yi da shi in ya zama fanko, kada ya sa.

Ga lissafin. D abin da ke fita a shekara, S kuɗin oda ɗaya, H kuɗin ajiye buhu ɗaya shekara guda, Q kuma buhun da za a saro a tashi ɗaya:

```
Q = √(2 × D × S ÷ H)
Q = √(2 × 3600 × 200 ÷ 16) = √90000 = 300
```

Kalkuletar waya tana da alamar √. Amsa buhu 300, wato oda 12 a shekara, kusan wata-wata.

Ban yarda ba sai da na gwada da biro. Oda 12 sau 200, riyal 2,400. Wajen ajiya kuwa, ranar da mota ta sauke akwai 300, ranar da za a sake sarowa kusan babu komai, don haka abin da ke zaune a tsaka-tsaki rabi ne, 150. Sau 16, riyal 2,400. Gaba ɗaya 4,800. Daidaituwar ɓangarorin biyu ba dace ba ce, nan ne amsar take faɗawa koyaushe. Shi ya sa ko ba ka taɓa kalkuleta ba za ka iya gane inda kake: in kuɗin odarka na shekara ya ninka na ajiya, kana sarowa kaɗan-kaɗan fiye da kima, in na ajiya ne ya rinjaya, kana jibgewa.

Tsarin maƙwabcina, buhu 100: oda 36, riyal 7,200, ajiya 800, jimla 8,000. Na Kawu, buhu 900: oda 4, riyal 800, ajiya 7,200, shi ma 8,000, kuma wannan kafin a tuna cewa tan 9 ba ya shiga dina ɗaya. Kowanne ya ɗara nawa da riyal 3,200 a shekara, a kan kaya ɗaya tak.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba sai an dace da 300 cif ba. In na ɗauki 250, jimlar 4,880 ce. In 400 ne, 5,000. Don haka ko ƙiyasin 16 ɗin nan ya ɗan kauce, asarar ba ta kai ta kawo ba. Mai tsada shi ne ka yi nisa, ka ninka uku ko ka raba uku.

Rangwame ne ke iya kifar da amsar, domin farashin sari bai shiga lissafin ba sai ta gefen ajiya. Ɗan sari ya taɓa ce mini, "Alhaji, ɗauki 900 in cire maka halala 50 a buhu." Rabin riyal sau 3,600, riyal 1,800 ke nan a shekara, ni kuma jibgewar za ta ci 3,200. Na gode masa na ɗauki ɗari ukuna. Da riyal 2 ya cire, ragin 7,200 ne, kuma ko da ƙarin mota zan karɓa, muddin ina da wuri kuma na yarda shinkafar za ta yi wata uku lafiya.

Sai azumi da aikin Hajji. Lissafin ya ɗauka ciniki na tafiya bai ɗaya duk shekara, mu kuwa a garin nan mun san ba haka ba ne. Abin da nake yi, ina ware waɗannan watanni in sake bugawa. In ciniki ya ninka, buhu 20 a rana, sai in sa 7,200 a gurbin 3,600. Amsar ba 600 take zama ba, 424 ce. Ninkin ciniki yana ƙara yawan buhun kowace oda da kusan kashi 41 cikin ɗari kawai, sauran kuma a yawan zuwa sari ake cike shi.

Lissafin bai faɗi ranar da za a kira ɗan sari ba, wannan daban ake yi. Daga kira zuwa saukewa kwana 3 ne a wurina, buhu 30 ke nan, na ƙara 20 don tsaro. Na ja layi da alli a bangon sito daidai tsayin buhu 50, yaron shago na ganin layin ya bayyana zai gaya mini. Daga shigowar Zulƙida nake ɗaga layin zuwa 150, saboda in alhazai suka cika gari, hanyoyi kan cushe, mota na iya yin kwana biyar ba ta iso ba.