Buhu ɗari daga Aliero zuwa Legas

Bayan sallar asuba muka bar Jega ni da Kawu, ko rana ba ta ɗaga sosai ba warin albasa ya tarye mu tun kafin mu shiga Aliero. Wannan ne karon farko da zan zuba kuɗina ni kaɗai, shi kuwa ya fi shekara ashirin yana kai kaya kasuwar Mile 12 a Legas.

Kawu bai daɗe ba ya tsaya kan wata albasa busasshiya, wadda in ka motsa buhun sai ka ji ɓawonta yana ƙara kamar takarda. Aka ce naira 42,000. Ya taya 37,000, mai kaya ya ce albarka. Kawu bai ƙara ko sisi ba, sai ya ce buhu ɗari zai ɗauka kuma yau zai biya. Aka yi ta ja har aka sallama a 39,000.

Ni kuwa wani dillali ya ja ni gefe, ya ce akwai manomi a wani ƙauye da ke neman kuɗi da gaggawa. Muka hau babur. Albasa ce manya-manya, ja wur, abin sha'awa. Manomin ya ce 36,000 in zan kwashe duka ɗarin, na tsaya kai da fata har ya sauko 34,000. Na dawo ina washe baki, ina lissafin na kayar da Kawu da naira dubu biyar a kowane buhu.

Ya karɓi guda ɗaya daga cikin samfurin da na kawo, ya danna wuyanta da babban yatsa. Ya lotsa, har da ɗan danshi.

"Yaro, yaushe aka cire wannan?"

"An ce kwana uku, Kawu."

"To, ruwa ka saya. Allah ya sa mu isa da wuri."

Albasar da wuyanta bai bushe ba, ta nan ruɓa ke shiga, kuma tana ci gaba da tsotsewa a cikin buhu. Na san da haka a baki, araha ce ta rufe min ido.

Kuɗi ya fara zurarewa tun kafin mu tashi. Babbar mota ba ta shiga ƙauyen, dole na ɗauki ƙarama ta fito da kayan bakin titi, da 'yan dako na lodi da saukewa, 1,800 a kan kowane buhu. Daga nan abin da ya hau kanmu ɗaya ne ni da Kawu: kuɗin mota 7,000, sai dako da la'ada da harajin hanya 1,500. Nawa ya tashi a 44,300, nasa 47,500. Har lokacin ina ganin ni ke gaba.

Muka bi ta Yawuri da Kwantagora, muna gaban mota tare da direba. Kafin Mokwa motar ta lalace, muka kwana biyu a gefen titi ana jiran kayan gyara. Da rana tamfol ya yi zafi kamar tanda. A daren na biyu na zagaya bayan motar, na ji wani tsami-tsami yana tashi daga ɓangaren da aka jera kayana. Ban faɗa wa kowa ba. Mun ƙetare gadar Jebba, mun wuce Ilori da Ibadan, ban ga komai ba sai lissafi.

A Mile 12 aka zazzage buhunan. Na ƙasa sun jiƙe, kuma duk inda guda ɗaya ta ruɓe sai ta shafi na kewaye da ita. Na biya mata masu tsincewa naira 50,000. Da aka sake cika buhuna har baki yadda masu saye ke so, ɗarina ya koma tamanin. Wadda ta fara taɓuwa masu abinci suka kwashe a 160,000, sauran aka zubar.

Da daddare na zauna da biro. Buhu ɗari a 44,300 ya kama 4,430,000. Na ƙara kuɗin tsincewa, na cire abin da masu abinci suka ba ni, saura 4,320,000. Kuskurena tun daga Aliero shi ne raba kuɗin da buhunan da na saya, alhali da waɗanda za su sayu ake rabawa. Na raba da tamanin, kowane buhu ya tsaya min a 54,000. Kawu buhu biyar kawai ya rasa, 4,750,000 a kan casa'in da biyar, wato 50,000 cif. Har kuɗin mota na biya wa buhu ashirin da ba su kawo min komai ba sai ɗan abin masu abinci.

Washegari kasuwa ta buɗe a 53,000. Kafin azahar Kawu ya sallamar da nasa ya tafi masallaci. Ni ina zaune kan buhu har la'asar ina cewa albarka, ƙudaje na zagaya ni.