"Gyara min": tambayoyin da nake yi kafin in taɓa aikin kowa

Ina da shagon kwamfuta a Jekadafari cikin garin Gombe. Muna buga takardu, muna fotokwafi, muna kuma gyara wa mutane fayilolin da suka rikice musu. Yanzu mafi yawan aikin ta WhatsApp yake zuwa, kuma saƙon da ya fi kowane yawan shigowa wayata kalma biyu ne: "Gyara min." Babu fayil, babu hoto, babu bayani. Wani ma ko sallama ba ya yi.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin raini. Mutumin ya kwashe lokaci yana fama da abin a gabansa har ya cika masa kai, shi ya sa yake ganin kowa ma ya san abin da yake nufi. Sau da yawa kuma ya tura fayil ɗin da gaske, sabis ne ya riƙe shi. Rubutu ba shi da nauyi, yana wucewa ko da sabis ya yi rauni, amma fayil ko hoto sai ya tsaya a wayar mai turawa yana ta juyawa, ko ya tsaya cak yana jiran a sake danna shi. Shi yana can yana jiran in gama aiki, ni kuma ban ga komai ba. Don haka abin da nake fara rubutawa kullum shi ne: rubutunka ya iso, amma babu abin da ke tare da shi, duba ko ya fita daga wayarka. Wannan kaɗai yakan warware wasu saƙonnin.

Tambayar da aikin ya rataya a kanta ita ce ta biyu: me ka gani, kuma me kake sa ran gani? Ina yin ta tun kafin in nemi fayil, domin fayil ba ya faɗa maka abin da ke damun mai shi. Kana iya buɗe shi ka ga abubuwa biyar da ba su yi maka ba, ka gyara huɗu, ka bar wanda ya hana mutumin barci. Mafi muni, kana iya gyara abin da daman daidai yake.

Akwai wata Hajiya mai makarantar kuɗi a Kumo da muke yi wa aiki. Wata rana daf da ƙarshen wata ta turo min: "Injiniya ka gyara min yanzu don Allah." Na gaishe ta, na ce Hajiya babu abin da ya iso, wane aiki ne, me kika gani a ciki? Sai ga saƙon murya. Ta ce takardar albashin ma'aikata ce a Excel, kuma "lissafin ya ƙi". Na ce ranki ya daɗe, nawa kwamfutar ta nuna, ke kuma nawa kika samu? Nan maganar ta fito. Kwamfutar ta ba ta naira 1,385,000, ita kuma da akawunta sun danna kalkuleta sun samu 1,520,000. Ma'aikata 32 ne.

Dubi bambancin "lissafin ya ƙi" da waɗannan lambobi biyu. Yanzu na san naira 135,000 nake nema, na san kwamfutar ragewa ta yi ba ƙarawa ba, na kuma san cewa kuɗin ya kai albashin mutum uku ko makamancin haka a irin wannan makaranta. Ban ga fayil ba tukuna, amma zargina ya riga ya tsaya a wuri biyu: ko dai tsarin tarawar bai kai ƙarshen sunayen ba, ko kuma akwai akwatunan da kwamfutar ba ta ɗauke su a matsayin lamba ba.

Na ce ta turo. Kamar yadda aka saba, sai ta ɗauki fuskar kwamfutar hoto da waya, ga hasken taga ya cinye rabin shafin. Hoto yana da amfaninsa. Idan kwamfuta ta fito da wani gargaɗi, hoton na fi so a kan mutum ya karanta min, don mutane na taƙaita gargaɗin zuwa "ya ce ba zai yi ba", alhali `#REF!` daban, `#DIV/0!` daban, jerin `#####` kuwa galibi faɗin layin ne kawai ya yi wa lambar kaɗan. Amma a matsalar lissafi hoto sakamako kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Na ce wa Hajiya ta danna alamar maƙala abu a WhatsApp, ta zaɓi `Document`, ta turo ainihin fayil ɗin mai `.xlsx` a ƙarshen sunansa. Na ƙara jaddada mata kada ta mayar da shi PDF, domin PDF ma hoton sakamako ne, tsarin lissafin ba ya biyo shi.

Kafin fayil ɗin ya iso na yi tambaya ta gaba: yaushe rabon da ya yi daidai, kuma wa ya taɓa shi tun daga lokacin? Wannan tambaya tana son lafazi. Idan ka ce "me kika yi masa?" amsar da za ka samu ita ce "wallahi ban taɓa komai ba", kuma daga nan an rufe ƙofa. Ni cewa nake, tun albashin watan jiya, akwai sunan da aka ƙara ko aka cire? Hajiya ta ce watan jiya lafiya lau, sai dai sun ɗauki sababbin malamai uku, ɗan ƙanwarta ne ya shigar da sunayensu.

Da fayil ya iso, na fara ajiye kwafi da wani suna, na bar na asali yadda yake. Sannan na danna akwatin jimilla don in ga tsarin:

```
=SUM(D2:D33)
```

Daga layi na 2 zuwa na 33 mutum 32 ke nan, ba a bar kowa a waje ba. Zargi na farko ya faɗi. Sai na gwada na biyu a wasu akwatuna biyu da babu komai a ciki:

```
=COUNT(D2:D33)
=COUNTA(D2:D33)
```

Na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu yana ƙirga duk akwatin da ke da wani abu a ciki. Na farko ya ba ni 29, na biyu 32. Ke nan akwatuna uku suna ɗauke da abin da ido ke gani lamba ne, amma Excel na kallon sa rubutu. Halin `SUM` kuwa shi ne ya tsallake rubutu shiru, ba gargaɗi ba komai, ya ba ka jimilla mai kama da gaskiya. A ka'ida lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu ya jingina hagu, da an gane su da ido. To amma an riga an tsakaita duk layin don ya yi kyau, alamar ta ɓace. Na rubuta `=ISNUMBER(D2)` a gefe na ja shi har ƙasa, inda `FALSE` ya fito nan ɓarnar take.

Kowanne da kalar matsalarsa. A na farko yaron ya sa harafin N a gaba, ya rubuta `N40,000`. A na biyu ya buga `45,OOO` da harafin O maimakon sifiri, wanda a ƙaramin allo ba mai lura. Na uku 50,000 ne lafiya lau, sai dai akwatin an saita shi a kan `Text` tun kafin a buga lambar. Shi kaɗai ne ke da ɗan koren tabo a kusurwarsa, alamar da Excel ke sawa idan ya ga lamba a matsayin rubutu, sauran biyun babu wata alama. Idan ka tara 40,000 da 45,000 da 50,000, ga 135,000 ɗin Hajiya cif. Daidaituwar nan ce ta ba ni tabbacin babu wata ɓarna ta huɗu a ɓoye, kuma da ban tambayi lambobin nan biyu tun farko ba, da babu abin da zan auna gyarana da shi. Na sake buga biyu da hannu, na ukun na zaɓi `Convert to Number`, jimilla ta koma 1,520,000.

Ga abin da ya sa ba na yarda in yi gyara da ka. A layin C na wannan fayil, inda lambobin asusun banki suke, koren tabon nan ya cika tun daga sama har ƙasa. Wanda aka ce masa "gyara" kawai, ya buɗe ya ga wannan, nan zai fara, don shi ne abin da ya fi kama da kuskure. Alhali da gangan aka bar su a matsayin rubutu. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, kuma da yawa da sifiri suke farawa. Da zarar ka mayar da `0123456789` lamba, Excel zai zubar da sifirin gaba, ta koma guda tara, banki ya dawo da takardar, albashi ya makara. Haka lambar waya mai farawa da 080 take yi. Ni dai na bi layin da `=LEN(C2)` na ga kowacce ta ba da 10, na bar su da tabonsu.

Saboda irin wannan nake da wata tambaya da nake yi ko ba a ga dalilinta ba: ina za a kai aikin bayan na gama, kuma akwai abin da ba a so in taɓa? Takardar da za a kai banki, da wadda za a buga a manna a allon sanarwa, da wadda za a ɗora a shafin rajistar jarrabawa, kowacce da abin da take bukata. Game da lokaci ma, "yanzu" ba amsa ba ce, kowa yanzu yake so. Cewa nake, ƙarfe nawa za a kai? Hajiya ta ce washegari da safe akawu zai shiga banki, ka ga ashe akwai sararin yin aiki a natse.

Ba na jero wa mutum tambayoyin nan gaba ɗaya. Idan ka tura biyar a saƙo guda, ta ƙarshe kaɗai za a amsa, ko a kira ka a ce "kai dai ka duba mana". Ɗaya bayan ɗaya nake yi, kuma dattawa na bar su su amsa da murya, sai dai lambobi da gargaɗin kwamfuta, su kam a rubuce ko a hoto nake karɓa, don kunne na iya jin sha biyar a matsayin hamsin idan da Turanci aka faɗa. Akwai kuma abin da ba na tambaya sam: lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ke turowa waya. Gyaran takarda ba ya bukatarsu. Ko fayil ɗin albashin, da na mayar wa Hajiya ta tabbatar ya buɗe a wajenta, na goge kwafin da ke kwamfutar shago, tunda yaran shago ma suna hawa kanta.

Na haɗa mata da ɗan bayani na layi uku kan akwatunan da na canja da abin da ke cikinsu a da, na kuma ce a faɗa wa yaron ya riƙa buga lamba zalla, ba N, ba komai. Idan tana son alamar naira ta fito, a `Format Cells` ake saita ta, lambar kuma ta ci gaba da shiga lissafi.