Yuro 200 daga na'urar cire kuɗi a Beljiyam: nawa ya fita daga asusuna na Yamai

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota a Yamai, kuma ita ce ta kai ni Burussel, inda mutanenmu suke sayen tsofaffin motoci da kayansu a loda a jirgin ruwa. Kuɗin kaya ta banki nake turawa, amma na jirgin ƙasa, na abinci da ɗan hasafin masu lodi dole sai da tsaba a aljihu. Don haka na dogara da katin bankina mai tambarin Visa. Abin da zan faɗa a nan lissafi ne da na yi da biro da takarda, domin na ga ƴan uwa da yawa suna dawowa gida suna cewa an sace musu kuɗi, alhali kowace tamma tana da inda ta shiga.

Yuro ya fi kowane kuɗi sauƙin wannan lissafin, saboda sefarmu a ɗaure take da shi. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Zan cike shi ya zama 656 don kada mu sha wahala, kuma duk adadin da zan kawo na takarda ne, ba ƙirgen dala na kasuwa ba. Ke nan yuro 200 ainihin kuɗinsa 131,200 ne. Duk abin da ya haura wannan, ladar wani ce, ko an rubuta maka ita ko an ɓoye ta cikin farashin canji.

Kafin in tashi na je reshen bankina na tambayi matar da ke kula da asusuna. Ta ce, "Alhaji, idan ka cire a wajen ƙasashenmu, akwai jikka uku da muke ɗauka a kowane cirewa, komai ƙanƙantarsa, sannan da kashi biyu da rabi cikin ɗari na abin da ka cira." Na roƙi ta nuna mini a takardar farashin hidimomi, ta nuna, na ɗauki hotonsa a waya. Wannan farashin bankina ne a lokacin, na wani bankin daban ne, kowa ya je ya tambayi nasa. Ita ce kuma ta tuna mini cewa katin da ke da tambarin GIM-UEMOA shi kaɗai aikinsa cikin ƙasashe takwas na sefarmu ne, daga Nijar har Senegal. Wanda zai fita waje sai katinsa yana da Visa ko Mastercard, kuma ya tabbatar an buɗe masa amfani da shi a waje tun yana gida.

Na'urar farko da na tsaya gabanta tana jikin wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba ta wani banki ba ce, irin waɗannan ne na kamfanoni masu zaman kansu da ake kafawa inda baƙi ke wucewa. Na sa kati, na buga lambar sirri, na zaɓi 200. Allon ya ce za a ƙara yuro 4 ladar na'ura, in na yarda in danna. Na danna. Sai wani allo ya fito da manyan lambobi, yana nuna mini kuɗin a sefa: yuro ɗaya 715, jimilla 145,860. A ƙasa maɓallai biyu ne. Kore mai haske yana cewa "Accept conversion", ɗayan kuma ƙarami, mai launin toka, yana cewa "Continue without conversion".

Nan ne mutane suka fi yin asara, kuma na san dalili. Baƙo yana tsaye cikin sanyi, wani na jira a bayansa, sai ya ga kuɗin garinsu a rubuce, hankalinsa ya kwanta, ya danna kore. Abin da allon yake tambaya a gaskiya shi ne: wa zai yi maka canjin? Idan ka yarda, mai na'urar ne zai canja da farashin da ya ga dama, ya aika wa bankinka lissafi a sefa. Idan ka ƙi, lissafin zai tafi a yuro, kamfanin katin ya canja shi da nasa farashin, wanda a kan yuro yana manne da 656. Daga 656 zuwa 715 akwai sefa 59 a kowane yuro, kashi tara cikin ɗari ke nan, a kan kuɗin da farashinsa bai motsa ba shekara da shekaru. Ba kowace na'ura ke yin wannan tayin ba, amma duk wadda ta yi, a ƙi. Ƙin yarda ba ya hana kuɗi fitowa, ko da allon ya sake tambaya da jan rubutu kamar za ka yi asara. Na danna mai launin toka, takardu huɗu na hamsin-hamsin suka fito, na karɓi rasit na ninke shi cikin fasfo.

Saƙon da ya shigo wayata nan take bai nuna komai ba sai kuɗin cirewar. Sai bayan ƴan kwanaki, da na duba lissafin asusun, na ga sauran a layukansu daban. Ga yadda abin ya taru. Na'urar ba 200 ta aika ba, 204 ta aika, domin ladarta ta shiga cikin uwar kuɗi. Yuro 204 sau 656 ya ba da 133,824. Bankina ya ɗauki kashi biyu da rabi a kan wannan duka, har da ladar na'urar, 3,346 ke nan. Sai jikka ukun nan, 3,000. Jimilla 140,170. Abin da ya shiga aljihuna kuwa na 131,200 ne, saboda haka 8,970 suka tafi a hanya.

Akwai lissafi ɗaya da nake so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Ka ɗauki duk abin da ya fita daga asusunka, ka raba da abin da ka ƙirga a hannunka. 140,170 a raba da 200 ya ba da kusan 701. Wannan shi ne farashin da na sayi yuro da shi a ranar, ba 656 ba. Da na danna kore, 145,860 da jikka ukun banki sun kai 148,860, watau yuro a 744, tun kafin a yi maganar kason banki, domin akwai bankunan da suke ɗaukar kasonsu ko da lissafin ya iso musu a sefa, tunda a waje aka yi cirewar. Maɓalli ɗaya, kusan jikka tara, idan banki ya ɗauki kasonsa kuma ya haura jikka goma sha biyu.

Abu na biyu da ya fi ba ni haushi shi ne cirewa kaɗan-kaɗan. Wani yaro ɗan Tawa da muka sauka gida ɗaya, shi ma katin bankin Nijar yake riƙe da shi, kullum hamsin yake cirewa. Ya ce mini, "Baba, tsoron ɓarayin aljihu nake, gara in riƙa ɗaukar na yini biyu." Tsoronsa yana da hujja, amma na zaunar da shi muka buga lissafin da farashin bankina. Yuro 50 da ladar na'ura 4 sun zama 54, watau 35,424. Kashi biyu da rabi 886. Jikka uku ba ta raguwa don ka ciri kaɗan. Jimilla 39,310, yuro ya kama 786 ke nan. Idan ya yi haka sau huɗu don ya tara 200, ya biya 157,240, ni kuwa da na cira gaba ɗaya 140,170 na biya. Jikka goma sha bakwai tsakaninmu, a na'ura ɗaya, a kan kuɗi ɗaya. Yaron ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce gobe zai nemi jakar da ake ratayawa cikin riga.

Dalilin a fili yake. Lada iri biyu ce: wadda take bin yawan kuɗi da wadda take bin yawan zuwa. Kashi biyu da rabi ba ruwansa da yadda ka raba cirewar, ko sau ɗaya ko sau goma daidai yake. Jikka uku da yuro 4 kuwa duk sa kati sai sun ci. Su ne mutum yake da iko a kansu.

Da na gane haka sai na daina tsayawa a na'urorin bakin kanti. Na nemi wadda ke cikin zauren wani banki, ita ba ta nemi ladar komai ba, kuma ba ta yi mini tayin sefa ba. Na ciri 400. Lissafin ya zo 262,400, kaso 6,560, da 3,000, jimilla 271,960. Yuro ya sauko 680. Ƙasa da haka ba wani wuri mai yawa, domin 656 da kashi biyu da rabi a kai 672 ne, kuma ko miliyan na cira ba zan sauka ƙarƙashin wannan ba. Sannan akwai iyaka biyu da ke tare mutum: wadda bankinka ya sa wa katin a yini ko a mako, da wadda na'urar ta sa wa kanta a cirewa ɗaya. Idan na'ura ta ƙi ba ka alhali kana da kuɗi, yawanci ɗaya daga cikin biyun ce. Ta bankinka a Yamai ake ɗaga ta, da sa hannu, shi ya sa nake cewa a yi wannan tun ba a sayi tikiti ba. Kada kuma a yi ta duba ragowar kuɗi a na'urar waje, wasu bankunan suna cajin wannan ma.

Masu zuwa Umra, lissafinku iri ɗaya ne, sai dai ma'aunin yana motsi. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala ɗaya, ita kuwa dalar kullum tana hawa da sauka a gaban yuro. Saboda haka sai ka duba farashinta na ranar ka raba da 3.75. Idan tana 600, riyal 160 ne, riyal dubu kuma 160,000. Da wannan za ka gwada abin da allo ya nuna maka. Idan ka ga bambanci ɗan kaɗan a lissafin asusunka kada ka tayar da hankali, domin farashin da ake amfani da shi na ranar da aka kammala lissafin ne, wanda kan iya zama kwana ɗaya ko biyu bayan cirewar. Bambancin kashi shida ko tara kuwa ba daga nan yake ba.

Rasit ɗin nan kada a yar. A jikinsa ake ganin ko lissafin ya tafi a kuɗin ƙasar ne ko a sefa, da ladar na'urar, da rana da sa'a. Idan aka yi rashin sa'a na'ura ta cire daga asusu ba ta fitar da kuɗi ba, bankinka na gida za ka kai wa ƙara a rubuce, ba mai kantin da na'urar ke jikinsa ba, kuma abin da za su fara tambaya shi ne ranar, wurin da adadin. Idan na'urar ba ta ba da takarda ba, a ɗauki hoton allon da lambar da ke manne a jikinta kafin a bar wurin.