Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Saƙon da ya motsa kontenata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce mun tsaya inda na biya kafin alƙalami na fanka 1,200 masu caji, irin waɗanda ake haɗawa da sola, wajen wani kamfani a garin Foshan na ƙasar Sin. Ranar 20 ga Nuwamba 2024 ne na tura kashi 30 cikin ɗari, dalar Amurka 6,480 cikin 21,600, kuma takardar farashin da suka aiko min ta ce kwana 30 za su gama aiki. Wato 20 ga Disamba ya kamata a ce kaya sun haɗu.

Disamba ta ƙare, mun shiga Janairu, duk sanda na tambayi yarinyar da ke kula da cinikina sai ta ce "saura kaɗan abokina, kar ka damu". Ni kuwa ina zaune a shago cikin kasuwar Dole ana sanyi kowa da rigar sanyi, amma hankalina yana watan Afrilu, don duk ɗan Damagaram ya san fanka kayan bazara ce, daga Maris zuwa Mayu ake cin kasuwarta, in ruwa ya sauka sai dai ka aje ta sha ƙura. Ga shi kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na yayata da ta saida shanunta biyu ta ba ni.

Daren Lahadi 5 ga Janairu raina ya ɓaci na rubuta wani dogon saƙo, na ce musu macuta ne, na ce zan tona musu asiri wajen duk 'yan kasuwar Nijar. Allah ya taimake ni ban tura ba, sai na biya gidan kawuna a Birni, shi ya fi shekara 20 yana oda tun zamanin da Dubai ake yayi. Na karanta mai, ya yi shiru, sannan ya ce "Ɗana, in ta karanta wannan me za ta je ta ce wa maigidanta ya yi? Ka zage su amma ba ka ce ga abin da kake so ba. Ɗauko takarda mu yi lissafi."

Lissafin nan shi ya buɗe min ido. Sabuwar shekarar Sinawa ta 2025 ranar 29 ga Janairu ta faɗo, kuma ma'aikatu ba ranar suke rufewa ba, tun kafin nan da sati ɗaya ko biyu ma'aikata ke watsewa garuruwansu, ba sa dawowa sosai sai tsakiyar Fabrairu. Jirgin ruwa zuwa Lome mun sa mai kwana 45. Tunda iyakarmu da Benin tana rufe tun 2023 ba maganar Kwatano, sai Lome a ratso Burkina, a jira ayarin kamiyo da sojoji ke rakowa har Yamai, wannan da fitar da kaya daga tasha mun sa sati biyar zuwa shida, sannan Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900. In jirgi ya tashi 20 ga Janairu kaya za su iso tsakiyar Afrilu, akwai sauran kasuwa. In ya wuce bikinsu kuwa sai ƙarshen Mayu ko Yuni, an gama.

Kawu ya ce kuma kar na manta kashi 70 yana hannuna, dala 15,120, wadda yarjejeniyarmu ta ce sai na ga kwafin takardar jirgi wato `B/L` zan biya. Ya ce wannan ne ƙarfina, kuma kar na yi barazanar da ba zan iya cikawa ba, don sun san ba zan kai su ƙara daga Zinder ba. Muka rubuta da Hausa, ƙanena da ke jami'a ya maida shi Turanci, ga abin da ya ƙunsa:

"Barka da aiki, da fatan kina lafiya. Ina magana ne kan odata ta fanka 1,200. Na biya kashi 30 ranar 20 ga Nuwamba, takardarku ta ce kwana 30, yau kwana 17 ke nan da wucewar wa'adi. A ƙasarmu fanka daga Maris zuwa Mayu ake saye, kuma daga tashar ku zuwa shagona kusan wata uku ne, saboda haka dole kayan su hau jirgin da zai tashi kafin 20 ga Janairu. Ina roƙon abu uku zuwa ranar Laraba 8 ga wata: bidiyon kayan da aka gama da adadinsu, ainihin dalilin jinkirin, da takardar kama gurbi a jirgi mai ɗauke da ranar tashi. In akwai abin da ya tsaya ki faɗa min gaskiya mu nemi mafita tare. Cikon kuɗina a shirye yake, ranar da na ga `B/L` zan tura. Amma in kaya ba su tashi kafin hutunku ba, ba zan iya karɓarsu a wannan farashin ba, sai mu zauna kan ragi ko maido min da abin da na biya. Ina so mu daɗe muna ciniki. Don Allah ki nuna wa manajanku wannan saƙon."

Na so na ƙara cewa kuɗin yayata ne a ciki, kawu ya hana, ya ce wannan damuwarka ce, su kwanan wata suke ganewa. Ya kuma ce na tura ta imel sannan na sa a WeChat, don ya zama akwai shaida. Sin tana gabanmu da awa 7, sai na tura ranar Litinin bayan sallar asuba, ƙarfe 6 a nan ƙarfe 1 na rana a can, suna kan aiki.

Ranar Talata amsa ta zo, kuma a karon farko ba "saura kaɗan" a ciki. Ashe batir ne ya tsaida su, wani kamfani daban ke kawo musu kuma ya makara, 800 kawai suka kammala. Sati biyu da rabi ana ɓoye min wannan! Manajan ya ce suna da 400 a sito iri ɗaya da nawa, sai dai farare ne kuma ba a buga sunan shagona a jiki ba. Abin ya min ciwo don na ci buri kan sunan nan, amma na yarda, na ce to a cire min kuɗin buga suna, suka rage rabin dala a kowace, dala 200 ke nan.

Laraba suka turo takardar gurbi an rubuta `ETD`, wato ranar da ake sa ran jirgi zai tashi, 18 ga Janairu. Na kira kawu da murna, ya ce na dakata, gurbi alkawari ne kawai, ana iya ɗage kontena zuwa jirgi na gaba musamman daf da bikinsu da kowa ke rububi. Ya ce na nemi hoton lodi, da lambar kontena, da lambar hatimin da aka kulle ƙofa da shi. Suka turo ranar 14, na riƙa sa lambar a shafin kamfanin jirgin safe da yamma, ranar 19 na ga an nuna ta hau, bayan kwana uku kwafin `B/L` ya zo da lambobi iri ɗaya da na hoton, na je banki na tura cikon.

Yayata na fara kira, ta ce Alhamdulillahi ta fashe da kuka. Jirgi ya iso Lome farkon Maris muna cikin azumi, a nan ne mai fitar min da kaya ya kira ni da daddare ya ce akwai matsala a takardun batir. Wannan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.